Tsara Allon Bayanai da Ma'aunan Aiki daga Manhajar ERP domin Manajan Darakta: Nazari a kan Masana'antar Abincin Kaji a Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake zaɓo alƙaluma kaɗan daga cikin ɗimbin bayanan da manhajar ERP ke tarawa, a jera su a allo guda domin manajan darakta ya yanke shawara da su. An ɗauki masana'antar sarrafa abincin kaji a yankin Kakuri da Kudenda a matsayin misali. Hujjar takardar ita ce, a lokacin da farashi ke hawa da sauka kuma ruwan bashin banki ya yi tsada, ribar da ERP ke nunawa ba ta isa a dogara da ita ba. Dole allon ya nuna riba a bisa farashin da za a sake sayo kaya a yau, ya nuna kwanakin da kuɗin kamfani ke yi a ɗaure, ya kuma faɗa wa mai karatu ko alƙaluman sun yi daidai da littafin akanta.

1.0 Gabatarwa



Wanda ya tsallaka kogin Kaduna ya nufi kudu, ya shiga yankin da aka kafa wasu daga cikin manyan masana'antun Arewa na farko. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, nan ne kamfanin DICON yake tun 1964, nan kuma kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a 1975. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980. Masaƙun sun durƙushe daga baya, KTL a 2002, UNTL a 2007, amma yankin bai mutu ba. Akwai kamfanonin lemo da fulawa da taliya da robobi, an buɗe babbar masana'antar abincin kaji ta Olam a ƙaramar hukumar Chikun a kan hanyar Abuja a 2017, sannan aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a Janairun 2018. A gefen waɗannan manya akwai matsakaitan kamfanoni da yawa, kuma su ne abin dubawar wannan takarda.

Matsakaicin kamfani a yau yakan sayi ɗaya daga cikin manhajojin da aka sani, kamar SAP Business One, Odoo, Sage ko Dynamics 365 Business Central. Manhajar na riƙe da saye da sayarwa, da sito, da sarrafa kaya, da albashi, da asusu, duk a rumbu ɗaya. Amma idan manajan darakta ya shigo ofis da safe, abin da yake yi shi ne ya kira akanta ya tambayi abin da ke banki, ya kira mai sito ya tambayi masarar da ta rage, ya kira manajan kasuwanci ya tambayi cinikin jiya. An kashe miliyoyi a kan manhaja, shawara kuwa har yanzu ta waya ake yanke ta. Idan aka ce a gyara wannan, sai a kawo masa allo mai zane talatin da launuka bakwai, ya duba mako guda ya koma wa wayarsa. A ganina bai yi laifi ba.

Duk alƙaluman kamfanin da za su biyo baya na misali ne, na ƙaddara su domin lissafi ya fito fili. Mu ɗauka kamfanin yana Kudenda, yana sarrafa tan 2,000 na abincin kajin ƙwai a wata, yana zuba shi a buhu mai kilo 25, wato buhu 40 a tan guda.

2.0 Daga shawara ake farawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe ERP a ga abin da ke ciki, sannan a zana shi. Hanyar da ta fi ita ce a zauna da manajan darakta a rubuta shawarwarin da shi kaɗai yake yankewa. A kamfanin abincin kaji ba su da yawa. Yaushe za a ƙara ko a rage farashin buhu? Nawa za a sayi masara a wannan makon, kuma da kuɗin wa? Wane dila za a ci gaba da ba shi kaya bashi, wane za a tsayar? Za a ƙara ɗaukar rance ko a rage? Ma'aunin da bai taɓa ɗaya daga cikin waɗannan ba, gurbinsa allon manajan sashe ne. Yawan buhunan da injin ɗinki ya yaga abu ne mai amfani, amma na manajan sarrafawa ne.

Robert Kaplan da David Norton sun fito da tsarinsu na daidaita ma'aunai a 1992, inda suka ce a duba kamfani ta fuska huɗu: kuɗi, abokan ciniki, ayyukan cikin gida, da koyo da bunƙasa. Stephen Few kuma, a littafinsa na 2006 a kan zanen allon bayanai, ya nace cewa allo ya tsaya a fuska guda da ido zai ɗauka ba tare da an gangara ƙasa ba. Na karɓi ra'ayin Few gaba ɗaya. Na Kaplan da Norton kuwa na karɓe shi da gyara, domin fuskoki huɗun ba su da nauyi ɗaya a wurin kamfanin da ke sayen masara da kuɗi hannu a Saminaka ya sayar da abinci bashi a Sabon Tasha. A nan kuɗi ne ke kashe kamfani kafin komai.

3.0 Mene ne ciniki?

Tambayar kamar ta yara, amma a kanta yawancin allunan ke rasa amincewar masu su. A cikin ERP, ciniki ɗaya yana barin sawu huɗu. Akwai odar da dila ya bayar, akwai webil da aka rubuta lokacin da mota ta fita, akwai inbois da sashen asusu ya yanka, akwai kuma kuɗin da suka shiga banki. A SAP Business One kowanne da teburinsa: ORDR na oda, ODLN na kayan da aka fitar, OINV na inbois, ORCT na kuɗin da aka karɓa, sai ORIN na takardar ragi da kayan da aka dawo da su. Manajan kasuwanci yakan ƙirga oda, mai sito ya ƙirga webil, akanta ya ƙirga inbois. Dukkansu gaskiya suke faɗa, kuma alƙalumansu ba za su taɓa zama ɗaya ba. Idan aka taru a ofishin manajan darakta ranar Litinin, rabin lokacin taron yakan tafi a gardamar wane ne mai daidai.

Maganin shi ne a rubuta wa kowane ma'auni takardar bayani mai shafi guda, manajan darakta da shugaban sashen kuɗi su sa hannu. Takardar ta faɗi sunan ma'aunin, teburin da ake ɗauko shi, abin da aka haɗa da abin da aka cire, ranar da ake amfani da ita, da mutumin da za a tambaya idan ya kauce. Ga ciniki, abin da nake ba da shawara shi ne inbois da aka tabbatar, ba tare da harajin VAT ba, an cire takardun ragi, a bisa ranar inbois. A Odoo haka yake fitowa:

```sql
SELECT invoice_date, SUM(amount_untaxed_signed) AS net_sales
FROM account_move
WHERE move_type IN ('out_invoice', 'out_refund')
  AND state = 'posted'
GROUP BY invoice_date;
```

Layuka biyar ne, amma kowanne yana toshe wata ƙofa. Idan aka manta da `state = 'posted'`, inbois da aka soke da wanda ba a gama rubutawa ba za su shiga lissafi. Idan aka manta da `out_refund`, kayan da aka dawo da su za su zauna a matsayin ciniki. Idan aka ɗauki jimilla mai haraji, ga kayan da ake biya wa VAT, ciniki zai kumbura da kashi 7.5 cikin ɗari, wanda shi ne adadin harajin tun Fabrairun 2020, alhali kuɗin gwamnati ne.

A gefen wannan adadi ya kamata a ajiye wani ƙarami: darajar kayan da suka fita da webil amma ba a yanka musu inbois ba, tare da kwanakin da suka yi a haka. Mota ta bi ta sikeli ta fita ƙofa, kaya sun bar sito, amma littafi bai san ana bin kowa bashi ba. Idan wannan adadi ya wuce cinikin kwana ɗaya ko biyu, to ko dai sashen asusu na baya da aiki, ko kuma wani na cin moriyar jinkirin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4.0 Ribar littafi da ribar kasuwar yau

Nan ne zuciyar takardar, don haka zan ɗan daɗe.

Mu ce kowane tan na abincin yana cin kilo 550 na masara, sauran kuma ƙulin waken soya ne da dusa da farar ƙasa da sinadaran ƙari. Kamfanin ya yi abin da kowane mai hankali ke yi: da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, ya aika masu saye Saminaka da Pambeguwa da Giwa suka tara masara. Yanzu akwai tan 3,000 a sito da aka saya a kan naira 400,000 kowane tan. Watanni sun shuɗe, farashi ya kai naira 600,000, kamfanin ya ƙara sayen tan 500 a sabon farashin.

Yawancin kamfanoni suna saita ERP ta ƙididdige kayan sito da matsakaicin farashi, wanda ke sauyawa duk lokacin da sabon kaya ya shigo. Manhajar za ta haɗa naira miliyan 1,200 na tsohuwar masara da miliyan 300 na sabuwa, ta raba da tan 3,500, ta samu kusan naira 429,000 a tan. Da wannan farashi, masarar da ke cikin tan guda na abinci ta ci kusan naira 236,000. Mu ƙara naira 300,000 na sauran kayan haɗi, da 50,000 na wuta da buhu da ƙwadago. Jimilla naira 586,000. Ana sayar da buhu naira 17,500, wato tan guda naira 700,000. ERP za ta ce ribar tan naira 114,000 ce, sama da kashi 16 cikin ɗari, kuma a tan 2,000 ta kai naira miliyan 228 a wata. Allo zai yi kore, kowa ya yi murmushi.

To amma masarar da aka niƙa yau sai an mayar da gurbinta, kuma ba a naira 429,000 za a samo ta ba. Kilo 550 a farashin kasuwar yau naira 330,000 ne. Kuɗin sarrafa tan ya zama naira 680,000, riba ta dawo naira 20,000, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. Bambancin naira 94,000 a kowane tan, wato miliyan 188 a wata, ba daga aikin masana'anta ya fito ba. Daga sayen da aka yi da kaka ya fito.

Kada a fahimce ni da cewa wannan riba ta bogi ce. Riba ce ta gaske, kuma wanda ya yanke shawarar tara masara ya cancanci yabo. Abin da nake cewa shi ne ribar ajiya ce, tana da ranar ƙarewa, kuma ranar ita ce ranar da tsohuwar masara ta ƙare. Manajan daraktan da ya ga miliyan 228 ya raba riba ga masu hannun jari, ko ya sayi sababbin motoci, ko ya ƙi ƙara farashin buhu domin ya ƙwace kasuwa, zai wayi gari da kuɗin da ba za su cika masa sito ba. Ya ci jarinsa yana tsammanin riba yake ci.

Akwai kuma wani abin da ke ɓuya. Kamfanoni da yawa na ba diloli ragin ƙarshen wata idan sun kai wani adadi, mu ce kashi 3 cikin ɗari. Ba a rubuta shi a inbois; sai wata ya ƙare ake yanka takardar ragi. Kashi 3 na naira 700,000 naira 21,000 ne. Idan aka cire shi daga ribar naira 20,000, kowane tan da aka sayar wa irin wannan dila yana jawo asarar naira 1,000 a farashin yau. Allon da ke karanta inbois kawai ba zai ga haka ba sai bayan kwana talatin, don haka ya kamata a riƙa ƙiyasta ragin kullum ana cirewa.

Wani zai tambaya me ya sa ba za a sauya saitin ERP ta yi amfani da farashin ƙarshe ba. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 2, wadda kamfanonin da ke bin IFRS a Nijeriya ke aiki da ita, ta yarda da matsakaicin farashi da kuma tsarin fitar da kayan da suka fara shigowa, amma ta hana tsarin ɗaukar kayan ƙarshe a matsayin na farkon fita. Littafin akanta zai zauna yadda yake, odita ma haka yake so. Gurbin farashin yau shi ne allon bayanai. Ana buɗe ƙaramin teburi mai ginshiƙi huɗu: kaya, kasuwa, kwanan wata, da farashin tan har ƙofar masana'anta, da kuɗin mota da lodi a ciki. Manajan saye ya cika shi duk mako bayan cin kasuwa. Domin kada ya rubuta abin da ya ga dama, allon ya ajiye farashinsa kusa da na odar saye ta ƙarshe da ke cikin ERP; idan tazarar ta yi yawa, a tambaye shi.

Wannan ba lissafin takarda ba ne kawai. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki farashin naira a Yunin wannan shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Duk wanda ya dogara da matsakaicin farashi a waɗannan watanni yana kallon ribar jiya ne. Abin yana kuma juyawa. A 2025 farashin masara ya faɗi sosai, kuma a irin wannan yanayi mai tsohuwar masara mai tsada zai ga ERP na nuna masa ƙaramar riba ko asara, alhali abokin takararsa da ke saye a kasuwar yau yana iya rage farashi ya ci riba. Idan ya riƙe farashinsa domin ya kare ribar littafi, diloli za su bar shi. A hawa da sauka duka, farashin buhu a bisa kasuwar yau ake yanke shi, don haka adadin biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa a saman allo, na uku kuma, ribar ajiya, a ƙarƙashinsu.

5.0 Kwanakin da kuɗi ke yi a ɗaure

Ma'auni na biyu shi ne zagayen kuɗi: daga ranar da aka biya mai masara zuwa ranar da dila ya biya kamfani. Ana samun sa ta haɗa kwanakin kaya a sito da kwanakin bashin da ake bin diloli, a cire kwanakin bashin da ake bin kamfani.

A misalinmu, cinikin wata naira miliyan 1,400 ne, kuɗin kayan da aka sayar kuma miliyan 1,172. A ƙarshen wata masarar da ta rage tan 2,400 ce, kusan miliyan 1,030, sauran kayan haɗi da abincin da aka gama miliyan 530, jimilla miliyan 1,560. Idan aka raba da 1,172 aka ninka da 30, kwana 40 ke nan. Ana bin diloli miliyan 700, wato kwana 15 na ciniki. Kamfanin kuwa miliyan 200 kawai ake binsa, kwana 5, domin mai hatsi a kasuwar ƙauye ba ya jiran kowa. Zagayen kuɗi ya zama kwana 50.

Kwana 50 ba ya faɗa wa manajan darakta komai sai an mayar da shi naira. Kuɗin da ke ɗaure miliyan 2,060 ne. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, don haka ba wuce gona da iri ba ne mu ƙaddara rancen kamfanin a kashi 30. Ruwan wata guda zai kai naira miliyan 51.5, wato naira 25,750 a kowane tan. Ku tuna ribar kasuwar yau naira 20,000 ce. ERP na ajiye ruwan banki a can ƙasan rahoton riba da asara, nesa da kuɗin sarrafa kaya, shi ya sa ba a cika haɗa su ba. Allon ya haɗa su. Ko kamfanin da ba ya cin bashi mai ruwa saboda addini, ya yi amfani da ribar da bankin Musulunci ke ɗorawa a cinikin murabaha, domin jarin da ke kwance yana da tsada ko ta wace hanya aka samo shi.

Tarkuna biyu ne a nan. Na farko, kwana 15 na bashin diloli ƙarya ce mai kyan gani. Idan kashi 60 cikin ɗari na ciniki kuɗi hannu ne, to miliyan 560 kawai aka bayar bashi, kuma miliyan 700 a kan 560 ya haura kwana 37. Kamfanin da ke ba da wa'adin kwana 14 yana da matsala babba, matsakaici ya rufe ta. Don haka a raba da cinikin bashi kaɗai, a kuma nuna sunayen diloli goma da suka fi nauyi da abin da ya wuce wa'adi a hannun kowanne.

Na biyu ya shafi yadda muke biyan kuɗi a nan. Dila a Kafanchan ko Kaciya zai turo kuɗi daga asusun ɗansa, ko ta hannun mai POS, ba tare da lambar inbois ba. Kuɗin sun shiga banki, amma akanta bai san na wa ba ne, sai ya ajiye su a asusun jiran tantancewa. Idan miliyan 90 na kwance a can, bashin gaske miliyan 610 ne, kuma wasu daga cikin waɗanda allo ya yi wa jan fenti sun riga sun biya. Manajan darakta ya tsayar da kayan mutumin da ya biya shi tun makon jiya, an ɓata cinikin shekaru, daga ranar kuma ba zai sake yarda da allon ba. Adadin kuɗin da ba a tantance ba ya zauna daf da adadin bashi, a kuma nemi banki ya ba kowane dila lambar asusu ta kansa wadda ke zuba a asusun kamfani.

Game da sito, kwanakin da aka lissafa da naira na akanta ne. Manajan darakta ya fi buƙatar na tan: tan 2,400 a kan cin tan 1,100 a wata kwana 65 ne. Kuma babu adadi ɗaya da ya dace da duk shekara. Kwana 65 a watan Agusta, ana dab da sabuwar masara, ya yi yawa. A watan Fabrairu ya yi kaɗan. Iyakar ja ta riƙa sauyawa wata-wata bisa tsarin sayen da hukumar daraktoci ta amince da shi.

6.0 Abin da ba zai hau saman allo ba

Babu manajan darakta a Kaduna da ba ya kukan wuta, kuma kowanne zai so ganin kuɗin dizal a sahun farko. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai farashin rukunin A naira 225 a kowane kilowat na awa guda. Janareta mai lafiya na ba da kilowat 3 zuwa 3.5 a litar dizal. Idan lita naira 1,200 ce, kowane kilowat ya kai kusan naira 360, ban da gyara. Mu ce tan guda na cin kilowat 30. Da wutar Kaduna Electric a wancan farashi naira 6,750 ne, da janareta kusan 10,800. Tazarar naira dubu huɗu ce da 'yan kai, a wurin da masara kaɗai ta motsa da dubu 94. A kamfanin abincin kaji wuta na sahu na biyu. A kamfanin robobi ko na lemo lissafin zai iya juyewa, shi ya sa ba a aron allon wani kamfani. Abin da ya cancanci kulawa shi ne litar dizal a kowace awar aikin janareta, domin ita ke tona ɓarna da sata, kuma wannan na manajan injiniyoyi ne. Ya hau sama ne kawai idan ya ƙetare iyaka.

7.0 Fasalin allon da amincinsa

Sahun farko ya ɗauki adadi biyar: kuɗin da ke banki bayan cire abin da za a biya cikin kwana bakwai, cinikin wata zuwa yau da tan da naira, ribar tan ta littafi da ta kasuwar yau, bashin da ya wuce wa'adi, da kwanakin masara. Kowane adadi ya zo da abin kwatantawa, ko buri ko watan da ya gabata. Kwatanta naira da ta bara ba shi da amfani a lokacin hauhawar farashi. Ciniki zai iya ƙaruwa da kashi 25 a naira alhali tan ya ragu. A ƙasa a sa layin makonni goma sha uku na riba da na kuɗi. Launi ɗaya ya isa, ja, ga abin da ke neman shawara yau. A tsara shi ya buɗe a waya, domin manajan darakta kan yi rabin makonsa a hanyar Abuja ko Kano. Ko da Power BI aka gina shi ko da Metabase, kada ya karanta kai tsaye daga rumbun da ake aiki a kai. A kwafo bayanai da dare zuwa wani rumbu, kada rahoto ya tsayar da mai yanka inbois.

A ƙasan allon a bar layi guda na aminci. Ya nuna lokacin da aka sabunta bayanai, da bambancin cinikin allo da na babban littafin asusu, wanda ya kamata ya zama sifili, da yawan kayan da sitonsu ya nuna ƙasa da sifili. Wannan na ƙarshe alama ce cewa ana niƙa kayan da ba a shigar da karɓarsu ba, kuma idan haka ta faru matsakaicin farashi ya lalace, riba ma ta lalace. Idan layin ya yi ja, kada a yanke shawara da sauran allon.

Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya yi gargaɗi tun 1975 cewa ma'auni kan lalace da zarar an mayar da shi abin matsa wa mutane. Idan aka ɗaura ladan manajan kasuwanci a kan inbois, za ku ga ciniki ya yi tsalle a kwana uku na ƙarshen wata, takardun dawo da kaya su biyo a makon farko na sabon wata. Zanen cinikin kullum zai nuna haka ba tare da bincike ba. A ɗaura ladan a kan kuɗin da suka shigo.

8.0 Kira ga mahalarta

Ga masu gina alluna, kada ku karɓi aiki sai an sa hannu a takardun bayanin ma'aunai, kuma ku gudanar da sabon allon tare da rahoton akanta na tsawon rufe wata biyu kafin ku miƙa shi. Ga malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna, ɗalibin lissafin kuɗi na buƙatar sanin SQL, ɗalibin kwamfuta kuma na buƙatar sanin yadda ake ƙididdige kayan sito. A haɗa su aji ɗaya ko da na zango guda ne. Ga manajojin darakta da ke cikin wannan zaure kuwa, idan kun koma ofis ku tambayi akantanku ribar tan guda a farashin masarar wannan makon, bayan ragin dila da kuɗin banki. Idan amsar ta ɗauki fiye da yini guda, daga nan aikin allonku zai fara.